Kwalin da na rubuta wa «masu ƙarfi»

Ajina na ɗalibai arba'in ne, darasin motsa jiki kuma minti 40 ne kacal, saboda haka na shirya atisayen zagaye mai tasha takwas, ɗalibai biyar a kowace tasha. Ana aiki daƙiƙa 40, in na busa usur a huta daƙiƙa 20 a koma tasha ta gaba. Na jera su yadda aikin hannu zai biyo bayan na ƙafa, sannan na ciki, don kada gaɓa ɗaya ta gaji ita kaɗai. Wannan duk ya tafi daidai.

Kuskuren yana jikin kwalayen da na liƙa. Kowace tasha na yi mata mataki uku. A tashar tura jiki da hannu, alal misali, na farko ya dafa bango, na biyu ya yi a ƙasa bisa gwiwa, na uku bisa yatsun ƙafa. Sai na rubuta «masu ƙarfi» a kan na uku, na bar kowa ya zaɓa da kansa. Wane yaro ɗan shekara 13 ne zai dafa bango abokansa suna kallo? Kusan kowa ya faɗa mataki na uku, bayansu a lanƙwashe, ƙugu yana taɓa ƙasa, ni kuwa idona yana kan agogo.

A zagaye na biyu, a tashar gudun je-ka-ka-dawo na mita 10, wani yaro mai ciwon sikila ya durƙusa yana riƙe da ƙwaurinsa, leɓɓansa sun bushe. Na san da lalurarsa, na kuma san zafin rana da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar da ciwon. Na ce, «Kai, me ya hana ka tsayawa?» Ya ce, «Malam, kar a ce ni rago ne.» Kwana uku ya yi a asibiti, kuma har yau in na tuna kwalin nan raina yana ɓaci.

Yanzu matakan launi gare su: kore, shuɗi da fari, ba wanda sunansa ya nuna fifiko. Mako guda kafin darasin ina gwada kowa daƙiƙa 30 a kowane atisaye, sai in rubuta masa launinsa na kowace tasha a ƙaramin kati, domin yaron da ya fi kowa tsallen igiya yana iya kasa tura jiki da hannu sau biyar yadda ya kamata. Ba a hawa mataki sai an yi makonni biyu ana aikin da siffarsa daidai. Agogo da usur na miƙa wa shugaban aji, ni kuma ina tsaye a tsakiyar fili inda nake ganin tashoshi takwas ɗin. Wanda na yi wa tambaya ya kasa amsawa da cikakkiyar jimla saboda haki, ya sauka mataki nan take.

Yaron ya dawo, bayan na zauna da mahaifinsa ya kawo shawarar likita. Yana tafiya da sauri maimakon gudu, gorar ruwansa tana kusa, kuma yana hutawa a inuwa ba sai ya nemi izini ba.