Takardar da na ba mai zana tambari, da abin da ta hana ya lalace

Shagon na shadda ne da atamfa a Kantin Kwari, sunansa kalma biyu, ta farkon da harafin Ƙ take farawa. An riga an gina masa shafin intanet, launinsa shuɗi mai duhu irin na baba, da ɗan ruwan zinare a maɓallai. Saura tambari, da ƙaramin hoton da ke fitowa a saman burauza wanda masu harkar ke kira fabikon, da hoton da ke biyo linki idan aka tura shi a WhatsApp ko Facebook. Ni aka ɗora wa yi wa mai zane bayani.

A zagayen farko da baki aka yi bayanin. Alhaji, mai shagon, ya ce a yi masa abu mai kyau, na zamani, amma a sa dagin Arewa a san daga ina muke. Mai zanen ya yi abin da aka ce. Ya turo dagi mai zare uku a sarƙe, sunan shago ya kewaye shi, taken kasuwanci a ƙasa da siririn rubutu. A fuskar kwamfuta ya yi kyau ƙwarai. Da na rage shi zuwa fiksel 16 a tsaye 16 a kwance, wato girman da burauza ke nuna shi a gefen sunan shafi, sai ya koma ɗigon shuɗi kamar tawada ta zuba. Dalilin a fili yake: a fili mai fiksel 16, bayan suna da take sun ci wuri, abin da ya rage ba zai ɗauki layukan dagin da tazarar da ke tsakaninsu ba, kowane layi bai kai fiksel ɗaya ba, sai burauza ta cakuɗa su. Laifin bayanin ne, domin ba wanda ya gaya wa mai zanen cewa tambarin zai zauna a wuri mai ƙanƙanta haka.

Shi ya sa da na zauna rubuta takardar, ban fara da ma'anar tambari ko tarihin shago ba. Na fara da wuraren da za a gan shi, daga mafi ƙanƙanta zuwa babba: saman burauza, fuskar waya idan an ajiye shafin a can, hoton furofayil na WhatsApp mai zagaye, kan shafin intanet, rasit, leda, sai allon shago. Daga nan na nemi tambarin a siga uku. Cikakke mai alama da suna a jere, na kan shafi da allo. Alamar ita kaɗai ba suna, ta furofayil. Sai wadda aka sauƙaƙa musamman domin fabikon, kuma na rubuta ƙarara cewa wannan ta ukun sabon zane ce, ba rage girman ta farko ba. Mun ƙare da harafin Ƙ mai kauri, fari a kan shuɗi, an ɗan ƙara wa lanƙwasarsa girma don kada ta ɓace ya koma K. Dagin ya zauna a cikakken tambari, da zare ɗaya mai kauri maimakon uku.

Maganar lanƙwasa ita ce ta fi cin lokaci, kuma ita ce mai zanen da bai saba aikin Hausa ba ba zai hango ba. Yawancin salon rubutu masu ado ba su da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Idan aka buga kalma mai ɗauke da su, manhajar zane takan aro harafin daga wani salon daban ba tare da ta sanar ba, sai ka ga harafi ɗaya ya fi 'yan uwansa siranta ko ya ɗan karkace, wani lokaci kuma akwati ne ke fitowa a gurbinsa. Mai zanenmu da ya ga haka, sai ya ɗauki K ya manna mata ƙugiya da hannu. A tambari wannan ba laifi ba ne idan an yi da kyau, tunda zane ne guda. Amma a hotunan talla da za a riƙa canza musu rubutu kowane mako, ba mai zama yana manna ƙugiya. Don haka na sa layin gwaji a takardar, na ce duk salon da zai kawo ya fara buga wannan da shi ya turo min hoto:

```
Ƙ ƙ Ɗ ɗ Ɓ ɓ Ƴ ƴ ₦
```

Na haɗa da ƴ domin shagon yana da abokan ciniki daga Maraɗi da Damagaram, inda ake rubuta ta haka maimakon 'y, alamar naira kuma saboda farashi. Shafin da Noto Sans aka gina shi, wanda yake da waɗannan haruffa duka kuma kyauta ne, sai muka tsaya a kansa a hotunan talla ma, rubutun shafi da na hoto suka zama ɗaya.

Launi ma da lamba na ba shi. Kalmar “shuɗi” ba ta isa ba, kuma hoton fuskar waya ba abin dogaro ba ne, domin idan mai zane ya tsinci launi daga hoton da WhatsApp ya matse, zai samu wani abu kusa da shi amma ba shi ba. Na buɗe fayil ɗin salon shafin na kwafo masa lambobin kamar yadda suke:

```
#1B2A5B  shuɗi
#C8962E  zinare
#FFFFFF  fari
```

Na ƙara da sharaɗi ɗaya: kada a yi rubutun zinare a kan fari. Ƙa'idar WCAG, wadda aka tsara don shafukan intanet su yi wa kowa sauƙin amfani, ta nemi bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1. Wannan zinaren a kan fari bai wuce 2.7 ba, a kan shuɗin kuwa ya haura 5. Wanda ya taɓa ƙoƙarin karanta farashi a waya da tsakar rana a bakin kasuwa ya san abin da lambar ke nufi. Akwai kuma wani tarko. Masu zane da yawa a nan da CorelDRAW suke aiki, hannunsu ya saba da aikin buga takarda, fayil ɗinsu a CMYK, tsarin launin maɗaba'a, yake buɗewa. Idan aka fitar da hoton shafi daga irin wannan fayil, shuɗin yakan dusashe, ya bambanta da na maɓallin da ke gefensa. Na rubuta a fara aikin a RGB, tsarin launin fuskar waya da kwamfuta, a fitar da na maɗaba'a daga baya.

Sai fayilolin da za a miƙo. Na ce masa, “Malam, don Allah kada ka turo komai a matsayin hoto ta WhatsApp, ka haɗa su a jaka ɗaya ka turo a matsayin fayil.” Dalili shi ne turawa a matsayin hoto na matse shi, kuma bayan tambarin da ya kamata ya zama wayam sai ya dawo da launi. Na nemi tambarin a SVG, an mai da rubutunsa zane, domin idan aka bar shi a matsayin rubutu, duk wayar da ba ta da salon za ta musanya shi da nata. Na nemi PNG mai wayam ɗin baya, da sigar fari zalla ta ɗorawa a kan shuɗi, da sigar baƙi zalla ta hatimi da rasit, da ainihin fayil ɗin aiki. Wannan na ƙarshen a yi maganarsa tun kafin a tsadance, a rubuta cewa yana cikin kuɗin, tare da adadin gyara. Mu zagaye biyu muka yi yarjejeniya.

Na fabikon kuwa ga abin da ya shiga shafin:

```
favicon.ico            16, 32, 48
apple-touch-icon.png   180x180
icon-192.png           192x192
icon-512.png           512x512
```

Abu biyu ke ɓata waɗannan. Na iPhone, mai 180, idan aka bar bayansa wayam, wayar takan cike shi da baƙi, saboda haka dole ya zo da cikakken launi a baya, kuma kada mai zane ya zagaye kusurwoyin, wayar ce ke yi da kanta. Na Android kuma kowace waya da irin yankan da take yi, wata zagaye, wata murabba'i mai lanƙwasa. Abin da ke tsira shi ne da'irar tsakiya mai faɗin kashi 80 cikin ɗari na hoton, wato kusan fiksel 410 a cikin 512. Na sa ya zana wannan da'irar a fayil ɗin aiki, harafin bai taɓa bakinta ba. Dabarar ce ta yi mana amfani a hoton furofayil ma.

Hoton linki shi ne mafi yawan mutane za su fara gani, domin cinikin shagon ta WhatsApp yake tafiya. Girmansa 1200 a kwance, 630 a tsaye. Amma wasu wuraren sukan yanko murabba'i daga tsakiya su nuna shi ƙarami a gefen rubutu, don haka na ce tambari da duk kalmar da ta zama dole su zauna cikin fiksel 630 na tsakiya, gefe biyun a bar wa hoton yadi. Kalmomi kada su wuce biyar. Na farkon da ya turo PNG ne mai nauyin sama da megabayit biyu, saboda hoton shadda cike yake da ƙananan zane, kuma linkin ya riƙa fita a WhatsApp ba hoto. Da muka mai da shi JPG muka sauko da shi ƙasa da kilobayit 300, ya fito. SVG ba ya aiki a nan sam, kuma adireshin hoton sai an rubuta shi cikakke:

```
<meta property="og:image" content="https://example.com/og.jpg">
```

Ban amince da aikin ba sai da na gwada shi a inda zai zauna. Na buɗe shafuka goma sha biyar a burauza na duba ko idona zai tsinci namu, na sake dubawa a yanayin duhu, inda shuɗin ya so ya haɗe da bango har muka sa masa siririn farin baki. Na tura linkin zuwa ƙaramar wayar yaron shago mai tsagaggen gilashi, na fita rana na duba. Na buga baƙar sigar a injin rasit.

Da aka ɗora sabbin fayilolin, Alhaji ya kira ya ce har yanzu tsohon tambarin yake gani. Ba kuskure aka yi ba. Burauza na riƙe fabikon ta daɗe ba ta sake ɗauko shi ba, Facebook da WhatsApp ma sukan ajiye hoton linki na ɗan lokaci. Na Facebook, shafinsu na Sharing Debugger na buɗe na danna Scrape Again. Sauran kuma sunan fayil na canza, `og.jpg` ya koma `og-2.jpg`, na ƙara `?v=2` a ƙarshen adireshin fabikon, sannan na tura masa linkin shafin da irin wannan ƙarin a ƙarshe don WhatsApp ya ɗauke shi sabo. Saƙonnin da aka riga aka tura kuwa da tsohon hoton za su zauna, ba abin da ke canza su.