Yadda Nake Gyara Taƙaitaccen Tarihin Wanda Aka Yi wa Ƙarin Girma

Ina da ƙaramin shagon buga takardu a Maradi, ni da yara biyu. Cikin ayyukan da ake kawo mana akwai taƙaitaccen tarihin mutum, wanda ake sakawa a ɗan littafin taro ko mai gabatarwa ya karanta kafin a miƙa wa baƙo abin magana. Aiki ne na rabin shafi, amma ya fi sauran cin lokacina, musamman idan an yi wa mai shi ƙarin girma, domin kusan kowa da buƙata ɗaya yake zuwa, wato a ƙara masa layi a ƙasan tsohon rubutun.

Kwanan baya wata Hajiya ta zo da irin wannan buƙata. An naɗa ta shugabar reshe a wani asusun ajiya da ba da rance, kuma an gayyace ta yin jawabi a taron mata ƴan kasuwa. Tsohon tarihinta ya kai kalmomi 190. Ya fara da makarantar da ta yi, ya bi ta zuwa Tasawa inda ta riƙe akwatin kuɗi, ya kai ta Madarunfa inda ta yi aikin ba da rance, ya dawo da ita Maradi a matsayin mataimakiya, ga kuma horo huɗu da ta halarta a Yamai. Na ƙirga "daga nan" sau biyar, kuma wannan ita ce alamar da nake fara dubawa, domin idan ta wuce biyu rubutun ya koma jerin wuraren aiki. Da na yi yadda ta ce, da muƙamin da ya sa aka gayyace ta ya zo a jimla ta ƙarshe, lokacin da masu sauraro sun riga sun koma hirarsu.

Na ce mata, "Hajiya, ki ba ni takardar naɗin tukuna." Ba na rubuta sabon muƙami daga baki, tun ranar da na buga wani bawan Allah a matsayin darakta alhali riƙon ƙwarya aka ba shi, sai da na sake buga littattafan taron duka daga aljihuna, shi kuma ya sha kunya a gaban na sama da shi. Takardun nan da Faransanci suke zuwa, saboda haka nakan karanta sunan muƙamin kalma bayan kalma, mu yarda da fassararsa ni da mai shi kafin in taɓa kwamfuta.

Bayan haka na buɗe sabon shafi, na sa sabon muƙamin a jimla ta farko tare da abin da yake hannunta yanzu. Muƙamin mataimakiya, wanda a da ya ci layi uku, ya koma rabin jimla. Tasawa da Madarunfa kuwa na haɗe su a adadin shekaru, tun da asusu ɗaya ne, babu dalilin ambaton sunansa sau uku. A nan muka ɗan ja da ita, domin ta ce a Madarunfa ta fi shan wahala, tana bin ƙauyuka a bayan babur har da damina. Gaskiyarta ce, kuma ban ga ya dace a share wannan gumi gaba ɗaya ba, sai na tambaye ta abin da matan da za su saurare ta suka fi bukatar sani daga cikinsa. Ta yi shiru, sannan ta ce su san cewa ta zauna da ƙungiyoyin mata masu adashi, ta san yadda bashi yake karya ƙaramar sana'a. Shi muka bari, horon Yamai kuma ya fita duka, domin wurinsa yana cikin cikakkiyar takardar tarihin aiki da ake haɗawa da ta neman aiki.

Abin da ya rage bai kai kalmomi 50 ba: "Hajiya wance ita ce shugabar reshen Maradi na asusu kaza, tana kula da ajiya da rancen ƙananan ƴan kasuwa. Ta yi shekara 14 a asusun, kuma kafin wannan naɗi ita ce mataimakiyar shugaban reshen. Ta daɗe tana aiki da ƙungiyoyin mata masu adashi a ƙauyukan Madarunfa."

Na sa ɗaya daga cikin yaran ya karanta da ƙarfi ina duba agogo, bai cika rabin minti ba. Na ajiye tsohon rubutun da kwanan watansa ban goge ba, domin wata rana za a nemi dogon bayani. Sabon kuwa na gaya mata cewa idan Allah ya ƙara ɗaga ta, jimlar mataimakiya ce za ta fita, ta shugabar reshe ta koma gurbinta, tsawon kuma ya tsaya yadda yake.