Ragon da ya sa na sake shirya darasin mazhabobi

Ina da ajin dare na manya a wata Islamiyya ta unguwarmu, yawancinsu 'yan kasuwa. Da suka nemi in yi musu bayanin yadda mazhabobi huɗu suka samu, sai na ɗauka abu ne na dare ɗaya. Na raba allo gida biyu: mutanen Kufa ma'abota ra'ayi, mutanen Madina ma'abota hadisi. Na jera shekarun rasuwa na Hijira: Abu Hanifa 150, Malik 179, Shafi'i 204, Ahmad ɗan Hambali 241. Na rufe da abin da na saba ji tun ina ƙarami, wai saɓaninsu duk daga rashin isowar hadisi ne, ya kai ga wani bai kai ga wani ba.

Wani dattijo mai sayar da dabbobi a kara ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malam, na sallama wa mutum rago, ya ce ya saya, muna tsaye bai ko kwance shi daga turke ba sai ya ce ya fasa. Na ji wani malami ya ce hadisi ya ba shi dama, wani kuma ya ce a Malikiyya babu wannan. To hadisin ne bai kai ga Imamu Malik ba?"

Na ce masa, "Alhaji, a ba ni zuwa mako mai zuwa." Da na koma gida na buɗe Muwaɗɗa, sai ga hadisin a ciki. Malik da kansa ya ruwaito shi daga Nafi'u daga Abdullahi ɗan Umar, isnadin da ake kira sarƙar zinariya: mai saye da mai sayarwa kowa yana da zaɓi muddin ba su rabu ba. A ƙarƙashinsa kuma ya bayyana cewa wannan ba shi da wata iyaka sananniya a wurinsu, ba kuma abin da ake aiki da shi ba ne. Allona ya rushe ke nan. Wanda na ajiye a gidan ma'abota hadisi ya ruwaito hadisi ingantacce, bai yi hukunci da zahirinsa ba.

Sai na yar da jadawalin, na gina darasin gaba ɗaya a kan ragon Alhaji. Na ce mu ƙaddara an yi ciniki a naira dubu 180, an ce "na saya", an ce "na sallama", ba wanda ya gusa. Mu kai ƙarar gaban malamai huɗu.

Malik ya rayu a garin da dubban Sahabbai suka zauna, 'ya'yansu da jikokinsu suna saye da sayarwa kullum a kasuwa ɗaya. A ganinsa abin da mutanen Madina suka gada suna yi shi ma ruwaya ce, ta jama'a daga jama'a, don haka tana iya rinjayar labarin da ya zo ta hanyar mutum ɗaiɗai. Malaman mazhabarsa sun ƙara da cewa zaman ciniki ba shi da ƙayyadadden lokaci, yana iya zama minti biyu ko wuni guda, kuma rataya ciniki ga abin da ba a san ƙarshensa ba garari ne, wato rashin tabbas da shari'a ta hana a ciniki. A nan rago ya zama na mai saye tun da aka furta kalma.

Abu Hanifa ya kai ga hukunci ɗaya, amma ta wata hanya dabam, kuma wannan ne ya fi ba ɗalibaina mamaki. Fiƙihunsa ya gado daga Hammad, daga Ibrahim Annakha'i, har zuwa almajiran Abdullahi ɗan Mas'ud a Kufa. Hanafawa ba su ce hadisin ƙarya ne ba. Sun ce rabuwar da ake nufi ta magana ce: in mai kaya ya ce "na sayar maka", yana iya janyewa kafin ɗayan ya ce "na karɓa". Sun kafa hujja da umarnin Alƙur'ani na cika alƙawura a farkon Suratul Ma'ida, suka kuma auna ciniki da aure da haya, waɗanda kalma ke ƙulla su ba tare da jiran a watse ba. Wato sukan ajiye hadisin ɗaiɗai kusa da ƙa'idar da ta ratsa babin duka, su fassara shi yadda zai zauna da ita.

Shafi'i ya yi karatu wurin Malik, ya kuma zauna da Muhammad Asshaibani almajirin Abu Hanifa a Iraƙi, saboda haka ya san gidajen biyu ta ciki. A littafinsa Arrisala ya tsara tushen hukunci: Alƙur'ani, Sunna, ijma'i, ƙiyasi. Matsayinsa shi ne in hadisi ya inganta daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aikin wani gari ba ya ture shi. Game da ma'anar rabuwa kuwa, mai ruwayar ya fassara ta da ƙafarsa, domin Ɗan Umar in ya sayi abin da yake so yakan tashi ya ɗan yi tafiya don cinikin ya tabbata. Ahmad ma nan ya tsaya, shi da yake gabatar da nassi da fatawar Sahabbai, ba ya zuwa ga ƙiyasi sai dole. A wurin su biyun mai sayen ragon yana da damar fasawa.

Wani matashi ya ce to ai Malik ya fi su sanin Madina. Dole na faɗa masa abin da ni ma bai yi mini daɗi ba da farko: Sa'id ɗan Musayyib da Ibnu Abi Zi'ib 'yan Madina ne, kuma sun tafi a kan akwai zaɓin. Ko cikin Malikiyya, Ibnu Habib ya bi zahirin hadisin. Laisu ɗan Sa'ad na Masar ya rubuta wa Malik wasiƙa yana tuna masa cewa Sahabbai sun bazu a garuruwa, kowa da abin da ya tafi da shi. A ganina wannan ƙorafi yana da nauyi, ko da yake bai rushe hujjar Malik a abubuwan da ake gada ido da ido ba, kamar lafazin kiran salla da girman mudu da sa'i.

Kuskurena na biyu shi ne yadda na nuna kamar kowane limami ya zauna ya kafa mazhaba. Almajirai ne suka yi ginin. Abu Yusuf ya zama babban alƙali a zamanin Haruna Rashid, Asshaibani ya rubuta littattafan. Sahnun ya tattara amsoshin Ibnul Ƙasim almajirin Malik a littafin Mudawwana a Ƙairawan, daga can fiƙihun Malik ya kafu a Magrib, ya biyo malamai da fatake ya ƙetaro Sahara, shi ya sa muka tashi da littattafan Malikiyya irin su Ahalari da Iziyya da Risala. Amsoshin Ahmad sai da Alkhallal, wanda ya rasu a 311, ya bi gari gari ya haɗa su. Laisu da Auza'i da Sufyanu Assauri ba su gaza limaman nan huɗu ilimi ba, mazhabobinsu dai ba su samu masu riƙe su har ƙarshe ba.

Da muka tashi Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malam, ni yanzu yaya zan yi da masu fasawa?" Na ce masa a mazhabar da muka tashi a kai cinikinsa ya ƙullu, sai dai in an yi sharaɗin zaɓi tun farko, amma in ya karɓi ragonsa ya mayar wa mutum kuɗinsa don Allah, wannan ita ce iƙala, kuma duka huɗun sun yarda da ita. Ya yi dariya ya ce in ana saura kwana biyu Layya zai yi iƙala da gudu, in kuwa ranar yawon salla ce sai ya yi tunani.