Layin farko a tallar sababbin ɗinki a Instagram

Ina da shagon ɗinkin kayan mata a Kano, kuma kusan duk ɗinkakkun kayan da muke fitarwa ta Instagram ake fara ganinsu. Hoto ne yake sa mace ta ɗan rage saurin yatsanta, amma rubutun da ke ƙarƙashinsa ne yake sa ta tsaya ko ta wuce. Instagram yana nuna kimanin haruffa 125 ne kawai kafin ya yanke sauran da kalmar "more", kuma a ƙaramar waya abin da ke bayyana yakan gaza haka.

Yawancin teloli suna cinye wannan ɗan fili da doguwar gaisuwa da albishir cewa sababbin kaya sun iso, alhali hoton ya riga ya faɗi haka. Ni ba na barin sallama, sai dai ina sa ta a layi na biyu, domin aikin layin farko shi ne ya faɗi abin da ido ba zai iya gani a hoton ba.

Lokacin da muka fitar da dogayen rigunan atamfa na masu shayarwa, mun ɓoye zif a cikin tattarar ƙirji yadda ko a kusa ba a lura da shi. Wannan ɓoyewar ita ce gwanintar ɗinkin, kuma ita ce matsalar tallarsa, tunda a hoto rigar ba ta da bambanci da kowace doguwar riga. Saboda haka na rubuta: "Mai shayarwa, ga rigar biki mai ɓoyayyen zif a ƙirji, ba sai kin ɗage riga a cikin taro ba." Jimlar ta kira mace ɗaya da halin da take ciki, ta ambaci takurar da ta sani a gidan suna ko wurin kamu, kuma ta ƙare kafin a yanke ta. Farashi da awo da ranar aika kaya suka biyo baya.

Yawan masu danna alamar so ba ya nuna mini ko layin ya yi aiki. Ina duba Insights, wato shafin ƙididdiga na Instagram, in ga nawa suka adana tallar, nawa kuma suka tura wa wata, domin wadda ta tura wa ƙanwarta mai jego ta karanta ta kuma gane. Saƙonni ma suna nunawa: idan ana tambayar ko akwai awon mai ƙiba, layin ya isar da saƙo, idan kuwa ana tambayar mene ne bambancin rigar, to sai an sake rubuta layin.

Abin da ba na yarda da shi shi ne rubuta "saura biyu" alhali kaya na jibge a shago, ko alƙawarin kammala ɗinki kafin Sallah bayan mun rufe karɓar aiki. Irin wannan layi yana tsayar da mutane, amma wadda ta sake ganin rigar bayan wata guda ba za ta ƙara gaskata shagon ba.