Kuɗin da ka cire a albashi ba naka ba ne

Na ajiye aikin lissafi a ƙaramin kamfanin da na riƙe wa littattafai tun kafin ya ɗauki ma'aikaci ko ɗaya. Lokacin da maigidan ya yanke shawarar ɗaukar ma'aikatan farko, ni na tsara masa jerin abubuwan da doka ta ɗora masa. Ya karanta, ya yaba, ya bi wasu. Layi ɗaya ne ya tsallake, kuma a kansa muka rabu: miƙa harajin albashi da kuɗin fansho ga masu su a kan lokaci.

Ga yadda lissafin yake, da alƙaluman misali, tunda kowace ƙasa da nata kason. A ce albashin mutum 1,000 ne. An cire masa haraji 70, an cire nasa kason na fansho 80, ya tafi gida da 850. Shi ma kamfani akwai kason da doka ta ce ya ƙara daga aljihunsa, a ce 100. Ke nan ma'aikacin nan 1,100 yake ci wa kamfani a wata, amma ranar biya 850 kaɗai maigida yake gani ta fita. Sauran 250 tana zaune a asusu kamar riba, alhali amana ce mai wa'adi. A ƙasashe da yawa wa'adin kwanaki ne kawai bayan biyan albashi ko bayan ƙarewar wata.

Duk wata sai in kai masa takardar, in ce, "Ranka ya daɗe, wannan kuɗin na hukuma ne da na yara." Sai ya ce a saro kaya da shi tukuna, in ciniki ya buɗe a biya gaba ɗaya. To, mu ɗauka mutum uku ne, aka yi wata 6 a haka. Abin da aka cire musu ya kai 2,700, kason kamfani 1,800, jimla 4,500, wato albashin kowa da kowa na wata ɗaya da rabi, kuma ba a sa tara da kuɗin ruwan jinkiri ba. Ƙaramin kamfani ba ya iya fitar da irin wannan a tashi ɗaya. Abin da maigidan bai taɓa yarda da shi ba shi ne, a ƙasashe da dama harajin da aka cire aka riƙe ana iya bin mai kamfani ko darakta shi kansa, rajistar kamfani ba ta kare shi.

Asiri ya tonu ne da ɗaya daga cikin yaran ya nemi bayanin asusun fanshonsa ya tarar wayam, ga kuma takardun albashinsa kowace tana cewa an cire. A gaban yaran maigidan ya ce sakacin mai lissafi ne. Har yau wannan maganar tana ci mini rai. Abin da ya wanke ni shi ne kowane tuni da na yi masa a rubuce yake, da kwanan wata.

Saboda haka duk wanda zai ɗauki ma'aikacin farko, ya yi rajista a matsayin mai ɗaukar aiki a hukumar haraji da ta fansho ko inshorar ma'aikata tun kafin albashin farko, ya karɓi lambar kowane ma'aikaci. Ranar biya ya kwashe abin da ya cire da nasa kason ya sa a asusu dabam. Idan ya miƙa, ya haɗa da jadawalin sunaye da lambobi, domin kuɗin da aka tura dunƙule babu jadawali yakan maƙale bai shiga asusun kowa ba. Gwajin mai sauƙi ne: a kowane wata, jimlar abin da takardun albashi suka ce an cire, haɗe da kason kamfani, dole ta yi daidai da rasit. In babu rasit, ba a biya ba.

Cirewar kanta tana da iyaka. Yarjejeniya mai lamba 95 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1949, ta ce ba a cire komai a albashi sai abin da dokar ƙasa, ko yarjejeniyar ƙungiyar ma'aikata, ko hukuncin masu sasanci ya halatta, kuma a riƙa sanar da ma'aikaci yadda aka lissafa albashinsa. Kiran mutum ɗan kwangila don gudun wannan nauyi shi ma ba mafita ba ne. Shawara mai lamba 198 ta Ƙungiyar Ƙwadagon, ta 2006, ta ce a duba zahirin aikin: wa ke ba da umarni, wa ke yanka lokaci, kayan aikin na wa ne.

Sauran layukan jerin ba su ba mu wahala ba. Takardar ɗaukar aiki mai ɗauke da albashi, sa'o'in aiki, hutu da wa'adin sallama. Mafi ƙarancin albashi. Tabbatar da shekarun mutum da izininsa na yin aiki. Inshorar rauni a bakin aiki tun ranar farko, da littafin rubuta hatsari.

Kafin in miƙa makullai na lissafa bashin wata-wata, mutum-mutum, na bar wa maigidan kwafi, na kuma ba kowane yaro nasa shafin.