Takardar da Baba ya bari a ƙarƙashin darduma

Kwana tara da rasuwar Baba, Hajiya ta kira ni ɗakinsa a gidanmu na Jahun, ta ɗaga dardumar da yake sallah a kai ta miƙo mini takarda. Rubutun hannunsa ne, maƙwabta biyu sun sa hannu a matsayin shaidu, ya kuma rubuta cewa a zartar da ita. Abu uku ke ciki. Gidan da yake zaune ya ba Hajiya. Filinsa na Fadaman Mada a ba jikansa, ɗan babban yayanmu da ya riga shi rasuwa. A fitar da naira miliyan 4 a sa a ginin masallacin unguwa.

Hajiya ba ita ta haife ni ba, abokiyar zaman mahaifiyata ce, Allah ya jiƙanta. Mu huɗu muka rage: ni, ƙanena mai bi mini, sai mace ɗaya da auta, 'ya'yan Hajiya. Banda takardar akwai wasu abubuwa biyu da kowa ya sani. Gonar hanyar Dass Baba ya ba ƙanwarmu shekara huɗu kafin rasuwarsa, mota kuma ya miƙa wa auta makullinta a gadon asibiti, saura kwana shida ya cika.

A ganina a lokacin lissafin mai sauƙi ne. Abin da ke rubuce da shaidu ya tsaya, gonar da aka bayar da baki kuwa ta dawo cikin gado. Haka na faɗa wa ƙanwata, ta yi kuka. Da wannan tunanin na tafi wajen wani dattijo, tsohon alƙali da ya yi ritaya, abokin karatun Baba, ina ganin tabbatarwa kawai zan nema.

Ya karanta takardar sau biyu ya ajiye. Na ce, "Allah gafarta Malam, ai kyauta da wasiyya duk bayarwa ce, mene ne bambancinsu tunda mai dukiyar ne ya so?"

Ya ce, "Ɗana, tambaya ɗaya za ka riƙa yi wa kowane abu: yaushe ya fita daga hannun mahaifinku? In ya fita yana raye, yana da lafiya, kyauta ce. In sai ya mutu zai fita, wasiyya ce, ko da wane suna ya kira ta."

Ya ce mai lafiya sarki ne a kan dukiyarsa. Zai iya ba ɗansa, zai iya ba bare, kuma ba a ce masa tsaya a kashi ɗaya cikin uku ba. Amma sai ya yarda ya rabu da abin tun yanzu, yana ji yana gani. Mai wasiyya kuwa ba ya rasa komai a rayuwarsa, yana cin gonarsa har ranar ƙarshe, in ya ga dama gobe ya yage takardar ya rubuta wata. Magada ne za su ji a jikinsu. Shi ya sa shari'a ta yi mata takunkumi biyu: ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa mai gado. Ya kawo labarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da ya kwanta ciwo a Makka, 'ya ɗaya gare shi, ya nemi ya bayar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, Annabi (SAW) ya hana, ya nemi rabi ya hana, sai sulusi, ya ce sulusin ma da yawa.

Na ce to gonar fa, wadda ko layi ɗaya ba a rubuta ba?

Bai ba ni amsa ba, sai ya shiga yi mini tambayoyi. Wa yake noma ta shekarun nan? Mijin ƙanwata. Masarar gidan wa take zuwa? Gidanta. Baba ya ci gaba da sayen taki ko karɓar wani kaso? A'a, sai buhun da take aiko masa don kanta. Akwai wanda ya ga lokacin da aka damƙa mata? Mai unguwar ƙauyen da maƙwabtan gona biyu, su suka zaga iyaka da su.

Ya ce, "To gonarta ce, ba ta cikin gado ko kaɗan. Wannan shi ake kira hauzi."

Ranar na fara jin kalmar, kuma ita ce ta rushe mini lissafi. Hauzi shi ne wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa, mai bayarwa ya janye nasa hannun. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke bi, kyauta tana ƙulluwa da furuci, amma ba ta cika sai an yi hauzi kafin mai bayarwa ya mutu, ko ciwon ajali ya kama shi, ko bashi ya cinye dukiyarsa. In ɗayan ukun nan ya riga, kyautar ta faɗi. Malam ya ce ko Nana A'isha abin ya faɗa mata. Sayyidina Abubakar ya ba ta wasaƙi 20 na dabino, wato babban ma'aunin awo, daga gonarsa ta Gaba da ke kusa da Madina, ba ta je ta yanke ba har ciwon ajali ya zo masa, ya ce mata da kin yanke kin kwashe da ya zama naki, amma yau dukiyar magada ce. Yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik.

Sai na ji gabana ya faɗi, don na riga na hango maganar gida. Na ce, "Amma Hajiya a cikin gidan take, shekara talatin. Wane hauzi ya wuce wannan?"

Ya ce ita tana ciki, shi ma yana ciki. Gidan da mutum yake kwana, in ya bayar da shi sai ya kwashe kayansa ya fita, shaidu su gani, kuma malamai sun ce in ya dawo ya zauna kafin shekara ta zagayo, kyautar ta ɓaci. Abin da ya ba ni mamaki, in mace ce ta ba mijinta gidan da suke zaune, ya inganta ba tare da kowa ya tashi ba, don wurin zama a wuyan miji yake, zamansa a ciki ya zama riƙo. In miji ne ya ba mata yana nan zaune, hannunsa bai ɗaga ba. Saboda haka ta ko'ina aka bi, gidan bai tsaya wa Hajiya ba. In an ce kyauta ce, babu hauzi. In an ce bayan ransa yake nufi, wasiyya ce ga mai gado. Shaidun nan biyu sun tabbatar da cewa Baba ya faɗa, ba su tabbatar da cewa ya saki ba.

Motar ba ta ɗauki lokaci ba. An miƙa makulli, auta ya tuƙa ta, amma a cikin ciwon da Baba bai tashi ba. Kyautar mai ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka, auta kuma magaji ne. Ta koma cikin gado. Da Baba ya warke, da ta zama ta auta.

Jikan ne ya tsira, kuma ta hanyar da ban zata ba. Ni ina ganin yaron ɗan gida ne, don haka shi ma magaji ne, wasiyyarsa za ta faɗi. Malam ya ce a'a, ku baffanninsa kun katange shi, ba shi da ko sisi a gadon kakansa, kuma wannan rashin ne ya sa wasiyya ta halatta gare shi. Ana duba wane ne magaji ranar mutuwa, ba ranar da aka rubuta takarda ba. A nan na gane Baba ya san abin da yake yi a kan marayan, gidan ne kawai zuciya ta rinjaye shi.

Muka kira masu kimanta dukiya. Gida miliyan 12, fili miliyan 6, mota da kayan shago da kuɗin banki miliyan 9, jimla 27. Bashin 'yan kasuwa da ɗan abin da aka kashe na likkafani da kabari suka tashi miliyan 3. Wannan ake fara cirewa, saura 24. Sulusin 24 shi ne 8, ba sulusin 27 ba, kuskuren da na fara yi ke nan a takardata. Wasiyyoyin da suka inganta kuwa, fili 6 da masallaci 4, sun kai 10. Sun haura da biyu. Ba a ce wanda aka fara rubutawa ya kwashe nasa cif ba, kowa aka rage masa daidai gwargwado, takwas cikin goma: jika miliyan 4.8 a cikin filin, masallaci miliyan 3.2. Miliyan 16 da suka rage su ne gado. Hajiya tumuni, miliyan 2. Sauran 14 aka kasa bakwai, maza uku kowa 4, mace 2.

Na koma wajen Malam da tambaya ta ƙarshe: ba yadda za a yi a cika wa Baba burinsa? Ya ce akwai, in magada sun yarda, amma kowa a kan rabonsa kaɗai yake da baki, kuma abin da ya bari kyauta ce daga gare shi, ba daga mamaci ba. Ba a tilasta kowa, ba a kuma yafewa a madadin ƙaramin yaro.

Kan ragowar filin ba a yi gardama ba, dukkanmu muka bar wa yaron. Kan gida ne aka rabu. Ni da ƙanwata da auta muka bar wa Hajiya rabonmu, nawa ya kama miliyan 3. Ƙanena ya ce yana da iyali da haya a kansa, ba zai iya ba. An yi ta gunaguni a dangi, ni dai ban ga laifinsa ba, haƙƙinsa ne da Allah ya yanka masa. Aka biya shi miliyan 3 ɗinsa a hankali cikin shekara guda.

Wannan karon ban yarda da takarda kaɗai ba. Na kwashe 'yan kayana da ke shagon zaure, na miƙa wa Hajiya makullin a gaban mai unguwa da shaidu biyu, aka rubuta ranar da abin da idonsu ya gani, sannan muka fara bin sauya suna a takardun gidan a ma'aikatar filaye. Ƙanwata ma na raka ta aka rubuta mata shaidar gonarta tun mai unguwar ƙauyen da maƙwabtan nan biyu suna raye. A hanyar dawowa daga can na ba ta haƙurin kukan da na sa ta, ta ce ta yafe, amma bana babu buhun masarata.