Talata, ranar rigakafi: sauran kwalbar ƙyanda

Yau ranar rigakafi ce a ƙaramin asibitinmu da ke wani ƙauye a yankin Ringim. Da ƙarfe goma na safe aka haɗa kwalbar allurar ƙyanda, mai isar yara goma, yara huɗu kacal suka zo. Sai bayan la'asar, wajen ƙarfe biyar, ga wata mata daga ruga da goyonta ɗan wata tara. Shugaban asibitin, wanda kowa ke kira Baba, ya dubi ƙaramar ma'aikaciyarmu ya ce ta ɗauko sauran na safe ta yi wa yaron, kada a fasa sabuwa saboda mutum ɗaya.

Ƙa'idar ba ta da ruɗani. Allurar ƙyanda gari ce a kwalba, ana haɗa ta da ruwanta. Da zarar an haɗa, awa shida gare ta, ko zuwa tashi daga rigakafin ranar, duk wanda ya riga zuwa, sai a zubar. Ba a sa mata sinadarin da ke hana ƙwayoyin cuta hayayyafa ba, ƙarfinta ma raguwa yake yi, ko da tana cikin sanyi. Daga goma zuwa biyar awa bakwai ke nan. Yarinyar ta sani, don ita ta rubuta lokacin a jikin kwalbar.

Amma sani daban, buɗe baki daban. Baba ne ke cika mata takardar auna ƙwazo ta shekara, shi ke tsara wa zai kwana a aiki, shi ke sa hannu a hutu, shi ke miƙa sunaye idan aikin rigakafin shan inna ya zo da ɗan alawus. Ban da wannan, sa'an mahaifinta ne, sahu ɗaya suke bi a masallaci. An kuma rene mu da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Idan ta ce masa "ba daidai ba ne" a gaban baƙuwa, kafin magariba maganar ta isa gidansu da sunan fitsara. Shi ya sa ƙananan ma'aikata ke cewa "to" kawai. Wannan "to" ɗin ita ce masifar: babba ya ɗauka an yarda, ƙarami kuwa ko ya aikata kuskuren ko ya ɓoye ya yi nasa.

Ga yadda ta yi. Ba ta taɓa sirinji ba. Ta ce wa matar ta zauna ta sha ruwa, ta karɓi katin yaron, ta ɗauki kwalbar ta bi Baba ofis, ta ɗan rusuna.

"Baba, ina neman ƙarin haske. Ga lokacin da na rubuta, goma na safe. Awa shida da aka ce mana, har da wadda ke cikin sanyi?"

Tambaya ce, amma hujjar na hannunta, kuma bakin da ke jayayya ba nata ba ne, na rubutun ne. Ya juya kwalbar ya ce damuwarsa asara ce, kada a ƙaramar hukuma a ce muna ɓarnar magani. A nan ne da yawa ke yin shiru, alhali a nan babba ya faɗi ainihin abin da ke ransa. Ta ce za ta shigar da sauran allurai shidan na safe a rajista da dalilin zubarwa, sannan a roƙi mai unguwa ya sa a yi shela a tara 'yan wata tara da 'yan wata goma sha biyar rana ɗaya, kwalba ta riƙa ƙarewa. Matar nan kuwa idan aka ce ta dawo mako mai zuwa, da wuya ta sake tako wannan nisan.

Ya fito da kansa ya ce, "'Yata, fasa sabuwa." A idon matar, umarninsa ne, kuma haka ya kamata a bar shi. Kuskuren masu ƙuruciya shi ne su ba da labari daga baya cewa sun gyara wa Oga. Ranar da ya ji, ƙofar ta rufe.

Da ya ƙi fa? Sai ta nemi wadda yake jin nauyinta, kamar tsohuwar ungozomarmu da suka fara aiki tare, ta shiga ta yi masa magana. Idan hakan bai yi ba, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, hannuna ba zai iya wannan ba," ta kuma sanar da shi cewa za ta kira jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma ya raba gardama. Kira a ɓoye shi ake ɗauka kai ƙara. Jadawalin kwana ko rabon alawus suna iya jira har a sami ranar da ransa ke fari. Allurar da za ta shiga jikin yaro ba ta jira.

An yi wa yaron tasa, an rubuta masa ranar dawowa ta biyu. Sauran tara na sabuwar kwalbar ma mun zubar kafin mu kulle.